Wasiƙar da Za Ta Sa Mai Shago Ya Buɗe wa Akanta Littafinsa

Matasa da dama da suka karanci aikin akanta sun fara gane cewa ba sai a banki ko ma'aikatar gwamnati ake cin abinci da wannan ilimi ba. Ga masu tireda da masu kantin kayan masarufi nan birjik, daga Kasuwar Singa a Kano zuwa lungunan unguwanni, waɗanda ke juya kuɗi kullum amma ba su da mai tsara musu lissafi. Abin da ke kayar da matasan shi ne takardar da suke rubutawa don tallata aikin. Sai ka ga shafi biyu na Turanci, an jera digiri da sunayen manhajoji, mai shago ya karɓa da ladabi, gobe a ƙunsa wa wani kanwa da ita.

Mai shago bai kwana yana tunanin tsarin lissafi ba. Abin da ke hana shi barci shi ne, ana ciniki daga safe har dare, amma idan ranar sari ta zo sai kuɗin su kasa. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 lamarin ya ƙara rikicewa, domin cinikin rana guda yanzu ta ƙofa uku yake shigowa: tsabar kuɗi a durowa, na'urar POS, da taransifa zuwa wayar maigida, wani lokaci ma wayar yaron shago. Wasiƙar da za ta yi tasiri daga nan take farawa, kuma da lissafi take magana.

Mu ƙaddara wani kanti ne da ya yi cinikin Naira 900,000 a wata, kuma duk an biya. A farkon watan akwai kayan 640,000 a kan kanta, an saro na 770,000, da aka ƙirga a ƙarshen wata aka tarar da saura na 630,000. Idan aka haɗa na farko da na sari aka cire saura, kayan da suka fita sun ci 780,000. Ribar da ke tsakani ke nan 120,000, kuma a nan yawancin masu shago ke tsayawa su ce Alhamdulillahi. To amma haya tana cin 15,000 a wata idan an raba ta shekara, yaron shago 20,000, wuta da man janareta 12,000, dako da kuɗin kasuwa 8,000. An cire 55,000, saura 65,000. Shi kuwa maigida kullum da safe yana zarar 2,500 na cefane daga durowa, wanda a kwana 30 ya kama 75,000. Ashe kowane wata yana cin Naira 10,000 daga uwar kuɗi bai sani ba. Ba wanda ya sace masa ko sisi, kanta ce kawai ke ramewa a hankali, daga kayan 640,000 zuwa na 630,000.

Irin wannan misali, a taƙaice, ya fi kowace takardar shaida jan hankali, domin mai karatu zai ga shagonsa a ciki. Ga yadda wasiƙar za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kasuwa na albarka. Ni akanta ne, ɗan unguwar nan. Sau da yawa ciniki na tafiya amma kuɗin sari su gaza, ba don an yi sata ba, sai don ba a ware cefane da haya daga riba ba. Zan kawo muku littafi mai gida huɗu: ciniki, sari, kashe-kashe da bashi. Yaronku zai riƙa cikewa kullum kafin a rufe. Ni kuma zan zo duk Asabar in duba, ƙarshen wata mu ƙirga kaya tare, in ba ku takarda ɗaya mai nuna ribarku, da abin da ake bin ku, da abin da kuke bi. Ladan aikin Naira 5,000 ne a wata, ana biya bayan kun ga takardar. Littafin a shagonku zai zauna, ba zan fita da shi ba, kuma ba ni da alaƙa da masu karɓar haraji. In Allah ya kai mu Laraba bayan La'asar zan biyo in ji ra'ayinku."

Jimlar da ta fi nauyi a ciki ita ce ta inda littafin zai zauna. Ɗan kasuwa ba ya son a san cikinsa. Yana tsoron maƙwabcin shago ya ji jarinsa, yana tsoron dangi su ji ribarsa, ya fi tsoron a ce lissafin ya kai hannun hukuma. Wanda bai kashe wannan fargaba a rubuce ba, ko kyauta ya ce zai yi ba za a buɗe masa littafi ba. Sai dai a yi hattara: a ce ba a da alaƙa da masu haraji gaskiya ce da za a iya faɗa, amma yi wa mutum alkawarin za a raba shi da haraji ƙarya ce, kuma tana iya jefa su biyun cikin matsala.

Farashi ma dole ya fito fili da lambobi. Cewa "farashi mai rahusa" ba ta gaya wa kowa komai, illa ta sa a zaci akwai lauje cikin naɗi. A misalinmu, 5,000 rabin abin da ke zurarewa ne duk wata, amma ga mai teburin da ribarsa ba ta wuce 20,000 ba ta yi yawa, don haka shi kada ma a kai masa wannan takarda.

Akwai kuma kuskuren da na ga ya fi yawa, wato buɗe wasiƙa da cewa yaran shago na cin amana. Sau da yawa yaron ƙanen maigida ne ko ɗan yayarsa, kuma ba mamaki shi ne zai karanta masa takardar. Shi ne kuma wanda za a roƙa ya riƙa cike littafin kullum. Idan aka ɓata da shi tun a layin farko, aikin ya mutu, domin akanta ba ya iya tara abin da ba a rubuta ba. Ya kamata ma a faɗa wa maigida wannan iyaka tun farko: in an sha lemo biyu ko an aika gida da taliya ba a rubuta ba, lissafin ƙarshen wata zai nuna giɓi, amma ba zai faɗi inda kayan suka tafi ba.

Gidan bashi shi ne ya fi saurin karɓuwa. Masu shago da yawa sun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka ba baƙon abu ake kawo musu ba. Abin da akanta zai ƙara shi ne kwanan wata da jimilla, yadda za a ga bashin da ya haura wata uku yana kwance.

Wasiƙar da hannu ake kai ta, shafi ɗaya, da Hausa, kuma ya fi kyau a fara gaida shugaban 'yan kasuwar layin kafin a shiga rabawa. Ga wanda karatun boko bai zauna masa ba, sai a karanta masa ko a tura masa da murya ta waya. Ranar da aka koma, tambayar da ya yi ita za ta nuna inda takardar ta gaza. In ya ce "Nawa ne ma?", farashin bai fito ba. In ya ce "Wa ya turo ka?", tsoron bai gushe ba. In kuwa ya ce "Malam, to kayan da ke sito fa, su ma za mu ƙirga?", sai a tsayar da ranar ƙidayar farko kafin a tashi, domin in ba a san kayan farkon wata ba, babu ribar da za a iya fitarwa a ƙarshensa.