Yadda ake yi wa tsakuren bincike tambayoyi

Kowace takardar bincike da ta fito a mujallar masana tana da tsakure a samanta, wato taƙaitaccen bayanin aikin a cikin kalmomi 250 ko kusan haka. An matse aikin shekaru a cikin sakin layi ɗaya ko huɗu, shi ya sa yake da nauyi. Yawancin masu karatu sukan tsallaka zuwa jimlar ƙarshe, su ɗauke ta su tafi, kuma daga nan ne labarin rediyo yakan fara karkacewa. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya ɗauki biro, ya mayar da tsakuren tambayoyi, sannan ya nemi amsar kowacce a cikin rubutun. Wadda ba ta samu amsa ba a bar ta a rubuce, domin sau da yawa ita ce mafi amfani.

Mu gwada da wani bincike da ya shafi Nijar kai tsaye. A shekarar 2018 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwajin da ake kira MORDOR, wanda aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, kan raba wa ƙananan yara maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna azitiromaisin.

Tambayar manufa ba ta da wahala: me masu binciken suka so su sani, kuma a kan su wa? Amsar a nan ita ce, suna so su gano ko raba maganin ga dukan yaran gari, masu lafiya da marasa lafiya, zai rage mutuwar yara a wuraren da ake yawan rasa su. A lura, ba tambaya ce ta ko maganin yana warkar da yaron da ke kwance a asibiti ba. Wanda ya rubuta wannan bambanci a takardarsa tun farko ya tsira daga rabin kuskuren da ake yi daga baya.

Hanyar bincike kuwa ba ta amsuwa da tambaya ɗaya, sai an tsaga ta. Wa aka ba maganin? Yara daga wata 1 zuwa wata 59. Nawa, sau nawa? Kimanin miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau biyu a shekara, har zagaye huɗu. Da wa aka kwatanta su? Da yaran da aka ba wani abu mai kama da maganin amma babu sinadarin a cikinsa. Sai kuma babbar tambaya: wa ya zaɓi wanda zai samu na gaske? Tsakuren ya ce ƙuri'a aka yi, kuma garuruwa aka sa a ƙuri'ar, ba yara ɗaiɗai ba. Garuruwa 1,533 ne, da yara fiye da 190,000 a ƙidayar farko.

Wannan batun ƙuri'a ya cancanci a tsaya a kansa. Da ma'aikata ne suka zaɓi garuruwan da hannunsu, da wataƙila sun fi kai maganin inda mota ke shiga, inda kuma akwai asibiti kusa. Idan mutuwa ta yi ƙasa a irin waɗannan garuruwa, ba wanda zai iya cewa maganin ne ko kusancin asibitin. Ƙuri'a ita ke raba garuruwa masu hanya da marasa hanya tsakanin ɓangarorin biyu ba tare da son rai ba. Amma tunda gari aka sa a ƙuri'a, sakamakon ma maganar gari yake yi: abin da ke faruwa idan kusan duk yaran wuri suka sha a lokaci guda. Bai ce kome ba game da uban da zai je kemis ya saya wa ɗansa shi kaɗai.

Daga nan sai sakamako, inda alƙaluma suke cunkushe. Tsakuren ya ce mutuwa ta ragu da kashi 13.5 cikin ɗari. Tambayar da za a rubuta nan take ita ce: daga nawa zuwa nawa? Kashi cikin ɗari shi kaɗai ba ya nuna girman abu. Amsar tana nan kusa. A cikin kowane yara 1,000 da aka bi tsawon shekara, an rasa 16.5 a garuruwan da ba su samu maganin gaske ba, da 14.6 a waɗanda suka samu. Wato kusan yara biyu ne suka tsira a cikin dubu kowace shekara. Idan aka tuna yawan yaran ƙasa guda, ba ƙaramin abu ba ne, amma hoton ya bambanta da wanda kashi 13.5 yake sa wa mutum a rai. Mai raba waɗannan lambobi da kansa zai samu kusan 11.5, kada ya ɗauka an yi kuskure. Masu binciken ba da raba lamba kai tsaye suka fitar da nasu ba, kuma bayanin lissafin yana cikin takardar.

Tambaya ta gaba: ko'ina aka ga haka? A Nijar ragin ya kai kashi 18.1, a Malawi 5.7, a Tanzaniya 3.4. Kusa da kowace lamba akwai wasu biyu a cikin baka, waɗanda idon mai karatu yakan tsallake. Su ne iyakar ƙasa da ta sama da ake kyautata zaton gaskiyar tana tsakaninsu. Na Nijar daga 10.0 ne zuwa 25.5, duk a ɓangaren ragi. Na Tanzaniya kuwa ya faro daga ƙasa da sifiri, -21.2, zuwa 23.0. Ma'ana, alƙaluman Tanzaniya su kaɗai ba za su iya bambance tsakanin amfani da rashinsa ba. Haka na Malawi, shi ma ya ratsa sifiri. To, wanda ya ce an tabbatar da amfanin maganin a ƙasashe uku ya faɗi abin da tsakuren bai faɗa ba.

Iyakar bincike ita ce mai wuyar samu, domin mujallu da yawa ba sa ware mata wuri a tsakure. Sai mai karatu ya haƙo ta daga amsoshin da ya riga ya rubuta. Yara daga wata 1 aka ce, ke nan jarirai 'yan ƙasa da wata ba sa ciki. Zagaye huɗu aka yi, kimanin shekara biyu, ke nan ba a san abin da shekara goma za ta haifar ba. Mutuwa gaba ɗaya aka ƙirga, saboda haka tsakuren bai faɗi wace cuta maganin ya tare ba. An kuma ce 'yan wata 1 zuwa 5 sun fi amfana, da ragin kashi 24.9, amma a ganina irin wannan yanki da aka ciro daga babban taro ya fi dacewa a riƙe shi a matsayin alama, har sai wani gwaji ya tabbatar.

Akwai iyaka guda da marubutan suka ambata da bakinsu: haɗarin ƙwayoyin cuta su saba da maganin har ya daina kashe su. Sun ce a lokacin ana kan auna wannan, kuma duk mai son mayar da rabon tsarin hukuma dole ya yi la'akari da shi. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta a 2020, ba ta ce a raba wa kowa ba. Ta taƙaita shi ga yara 'yan wata 1 zuwa 11, a yankunan da mutuwar yara ta yi yawa ƙwarai, da sharaɗin a riƙa sa ido kan ko ƙwayoyin cuta sun fara bijire wa maganin.