Me Ya Sa Babban Bidiyo Yake Ƙin Shiga Filasha?

Masu ɗaukar bidiyon biki sun san wannan takaicin. Filasha mai gigabait 32, wayam ba komai a cikinta, amma bidiyo mai gigabait 6 ya ce atafau ba zai shiga ba, kwamfuta tana nuna “The file is too large for the destination file system”.

Ba wuri ne ya yi kaɗan ba. Matsalar daga tsarin fayil take, wato hanyar da filasha take rubuta sunan kowane fayil da girmansa da inda yake ajiye. Filasha da yawa suna zuwa ne da FAT32, tsohon tsarin da kamfanin Microsoft ya fitar a 1996. Gurbin da yake rubuta girman fayil bit 32 ne kacal, kuma lamba mafi girma da zai iya ɗauka ita ce bait 4,294,967,295, gigabait huɗu ba bait ɗaya ke nan. Shi ya sa bidiyo uku masu gigabait bibbiyu za su shige lafiya lau, guda ɗaya mai shida kuwa ya maƙale.

Don tantancewa a Windows, danna maɓallin dama a kan filashar, ka zaɓi Properties, ka duba File system. Idan FAT32 ce, sai a sake yi mata fomat zuwa exFAT. Amma don Allah a fara kwashe abin da ke ciki, domin fomat yana share komai. Wasu tsofaffin talabijin kuma ba sa karanta exFAT, in a kansu za a kalla gara a raba bidiyon gida biyu.