Idan Farcen Ƙafa Ya Nutse Cikin Nama

Duk wanda ya saba zama a rumfunan Kasuwar Kurmi ko a gindin wata inuwa a Ƙofar Mata ya san masu yankan farce da ke zagayawa da almakashi. Sau da yawa mu da kanmu muke cewa, “Malam, ƙwaƙule min gefen nan sosai.” To, daga wannan ƙwaƙular matsalar take farawa. Idan aka yanke kusurwar farcen babban yatsa har can ciki, akan bar wani ɗan tsini, kuma da farcen ya ci gaba da tsirowa sai tsinin ya soki nama. A ƙara da matsattsen takalmi sau-ciki da gumi, sai ka ga gefen yatsa ya yi ja, ko zani ya taɓa shi sai mutum ya zabura.

Muddin ja ne da zafi kawai, ana iya kula da shi a gida. A zuba ruwa mai ɗumi a roba, wanda hannu zai iya jurewa, a barbaɗa gishiri kaɗan, a tsoma ƙafar minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a rana. Wannan yana tausasa fata, ya rage kumburi. Bayan nan a tsane yatsan sosai, haka ma bayan kowace alwala. In kusurwar tana ɗaguwa ba tare da azaba ba, a cusa 'yar auduga mai tsabta a ƙarƙashinta domin farcen ya hau saman fata, a riƙa canja ta kullum. A koma silifas, amma a kiyayi ruwan kwata a lungu, musamman da damina.

Yankan kuwa a miƙe ake yin sa, daga gefe zuwa gefe, a bar kusurwoyin biyu a waje inda ido ke ganinsu. Kada a bi tsinin da reza. Yawanci wani sabon tsinin ake bari, ga rauni a kai.

Sai dai jiƙo yana da iyaka. Idan mugunya ta fito, ko yatsan yana zugi har ya hana barci, ko wani jan nama ya tsiro yana zubar da jini, to ƙwayoyin cuta sun shiga. In kuma jan yana hawa ƙafa, ga zazzaɓi ko kaluluwa, a tafi asibiti a ranar. Haka nan in an kwana 3 ana jiƙawa ba sauƙi. A asibiti irin na Murtala, allurar kashe zafi ake yi wa yatsan, a cire siririn gefen da ya nutse, ba lallai sai an cire farcen duka ba.

Mai ciwon suga kuwa kada ya tsaya jiƙo ko sayen kafso a kemis, domin ƙafarsa na iya ruɓewa bai ji zafi ba. Da ya ga ja a gefen farce, ya je wurin likita.