Shekara 15 yana gaban kasuwa, shekara uku suka kusa cinye tazarar

Daga 1991 zuwa 2005 babu shekarar da asusun Legg Mason Value Trust, wanda Bill Miller yake juyawa daga birnin Baltimore na Amurka, bai zarce S&P 500 ba. Shekara 15 ke nan a jere. Jaridun kuɗi suka yi ta kambama shi, jama'a suka yi ta tuttuɗo dukiya har asusun ya haura dala biliyan 20.

S&P 500 ɗin nan ma'auni ne. Kwando ne na hannun jarin manyan kamfanonin Amurka kusan 500, kuma kowa na iya sayen asusun da ke bin sawunsa da ɗan kuɗin hidima kaɗan. Shi ya sa ribar manaja ita kaɗai ba ta faɗin komai. Wanda ya kawo kashi 12 cikin 100 a shekarar da kwandon ya kawo 20 ya ci ladan aiki ne ya bar mai kuɗi a baya. Da yake Miller manyan kamfanonin Amurka yake saye, awon ya dace da shi.

Sai 2006 ta zo. Asusun ya samu kusan kashi 6, ma'aunin kusan 16. A 2007 ya yi asarar kusan kashi 7, ma'aunin kuwa ya ƙaru da biyar da rabi. A 2008 aka yi ta ta ƙare: Miller ya riƙe hannun jarin Bear Stearns da AIG da Freddie Mac, yana ƙara saye suna ƙara faɗuwa, bisa imanin cewa tsoro ne kawai ya karya farashinsu. Asusun ya zube da kashi 55, ma'aunin da 37.

A sa shi a lissafi. Mai dala 100 a asusun a farkon 2006 ya wayi gari da kusan 44 a ƙarshen 2008, alhali wanda ya bi ma'aunin yana da kusan 77. A 2009 Miller ya sake zarce kasuwa, kashi 40 da ɗoriya a kan 26 da rabi, amma 44 ɗin 62 kawai ta koma, 77 kuma ta kai 97. Ƙirga shekarun nasara ba ya nuna wannan ramin, domin wanda ya yi asarar kashi 55 sai ya ninka abin da ya rage masa fiye da sau biyu kafin ya koma inda ya tashi. Abin takaicin ma, kuɗi masu yawa sun shigo ne bayan sunansa ya yi tashe, don haka masu su ba su ɗanɗani shekarun daɗin ba.

To, gwani ne ko mai sa'a? Shi kansa Miller ya amsa cewa kalanda ta taimaka masa: da shekara tana ƙarewa a wani watan da ba Disamba ba, da jerin ya tsinke tun tuni. Saboda haka masu tantance manajoji ba sa tsayawa a Janairu zuwa Disamba. Sukan ɗauki zangon shekara uku ko biyar, su riƙa matsar da shi wata bayan wata, su ga sau nawa manajan yake sama. Sukan kuma tuna cewa cikin dubban asusu dole a samu wanda sa'a za ta bi, waɗanda suka durƙushe kuwa an rufe su, ba sa cikin jerin da ake kwatantawa.

Amma a yi masa adalci. Tazarar da ya bayar a shekarun 1990, lokacin da ya riƙe Dell da America Online, ba ƙarama ba ce, kuma bayan cire kuɗin hidima aka ƙirga ta. Halin da ya kawo ta, wato tara kuɗi a kamfanoni ƙalilan da ƙin sakin su idan sun faɗi, shi ne ya kawo asarar 2008. Wanda ya duba abin da ke cikin asusun a 2005 zai ga haɗarin a fili. Miller ya sauka daga jagorancinsa a 2012.

Mai jari a Najeriya ma awon nan ya shafe shi. A 2023 ma'aunin NGX All-Share ya tashi da kusan kashi 46, hauhawar farashi kuma ta kusa 29 a Disamba. Asusun hannun jarin da ya yi tallar ribar kashi 30 a shekarar da ƙyar ya tsere wa tsadar kaya, kasuwa kuwa ta bar shi nesa. Sai dai zalunci ne a auna asusun da ke sayen takardun bashin gwamnati na kwana 91 da wannan ma'aunin. Nasa awon shi ne abin da takardun suka biya. Asusun halal, wanda ba ya taɓa bankunan ruwa da kamfanonin giya, da NGX Lotus Islamic ake gwada shi. Kuma All-Share farashi kaɗai yake ƙirgawa, sai an ɗora masa ribar da kamfanoni suka raba kafin a jera shi da rahoton manaja.