Na'urar gida ta ce 155, asibiti ya ce 140: wa za a yarda da shi?

Mai ciwon suga ya soki yatsa da safe, na'urarsa ta nuna 155. Ya je asibiti aka ɗebi jini a jijiyar hannu, sakamako ya fito 140. Nan take sai ya yanke cewa na'urar ta lalace. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau.

Da farko dai, jinin biyu ba ɗaya ba ne. Na yatsa yana kan hanyar kai wa tsoka abinci, na jijiya kuwa ya riga ya sauke wani kaso na sugansa, yana komawa zuciya. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma bayan an ci tuwo ko an sha kunu mai zaƙi, na yatsa kan zarce na jijiya sosai.

Shi ma jinin kwalba ba ya zama yadda aka ɗebe shi. Ƙwayoyin jini na ci gaba da cin sugan, har yakan ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa idan ba a ware ruwan jinin ba. Shi ya sa ake amfani da kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da sinadarin da ke rage wannan asarar.

To, nawa ne bambancin da ba laifi? Ƙa'idar ISO 15197 ta 2013 ta ce idan sakamakon asibiti ya kai 100 mg/dL ko fiye, na'ura na iya kaucewa da kashi 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Idan bai kai 100 ba, kada ta kauce da fiye da 15 mg/dL. Ana kuma son gwaji 95 cikin 100 su faɗa cikin wannan iyakar. Kashi 15 na 140 shi ne 21, ke nan daga 119 zuwa 161 duk daidai ne, kuma 155 ɗin mutumin namu na ciki. Idan takardar asibiti ta zo da mmol/L, a ninka da 18: 7.8 shi ne kusan 140.

A ganina, kafin a zargi na'ura a fara duba hannu. Wanda ya taɓa dabino ko mangwaro bai wanke ba, zaƙin yatsarsa zai auna. Tsinken gwajin da ya sha zafi a mota, ko aka bar gwangwaninsa a buɗe, ba abin dogaro ba ne. Ƙarancin jini ma kan sa na'ura ta nuna fiye da gaskiya.

Mai son ya gwada na'urarsa ya tafi da ita asibiti da safe kafin karin kumallo, ya wanke hannu da sabulu ya bushe, ya soki yatsa a daidai lokacin da ake ɗibar jinin. Idan tazarar ta wuce iyaka, ya sake da sabon gwangwanin tsinke. In ta maimaita, ya nuna wa likita na'urar kafin ya taɓa adadin maganinsa.