Kafso 15 da Takarda Ɗaya

A asibitoci da kemis-kemis da dama, abin da majinyaci ke samu shi ne ƴar leda mai layuka uku da aka ja da biro, da umarnin baki: "Ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare." Takardar da ke cikin kwali kuwa da Turanci take, rubutun ƙanana kamar tururuwa. Wanda karatunsa bai yi nisa ba, me zai ɗauka a ciki?

A ɗauki misalin magidanci da likita ya rubuta wa amoksisilin, kafso ɗaya sau uku a rana har kwana biyar. Jimilla kafso 15 ke nan. Takardar da za ta amfane shi ba ta buƙatar dogon bayani. A zana gidaje 15, layi biyar daga sama zuwa ƙasa, kowane layi na kwana guda, in ya sha ya soke gida ɗaya. Jera kwanakin daga sama yana da dalili: mai karatun ajami daga dama yake farawa, ɗan boko daga hagu, amma kowa ya san sama da ƙasa.

"Sau uku a rana" ma tana ruɗarwa. Wani zai sha da ƙarfe goma, da sha biyu, da la'asar, ya ce ya cika. Abin da ake so shi ne tazarar kusan awa takwas, don kada maganin ya yi ƙaranci a jini. Hoton rana da wata yana taimakawa, amma a ganina lokutan salla sun fi shi: bayan asuba, bayan azahar, sannan lokacin kwanciya bayan isha'i.

Inda gizo ke saƙa shi ne kwana na uku. Zazzaɓi ya sauka, mutum ya koma kasuwa, sauran kafso shida a jefa su cikin kwano don wata rana, ko a miƙa wa maƙwabci. A daidai layin nan takardar za ta ce: "Ko ka ji sauƙi, ci gaba. Ciwon na iya dawowa." Kwatancen da manomi zai gane nan take shi ne ciyawar da aka sare ba a tumɓuke saiwarta ba. Kwanakin kuma likita ne ke yanka su, ba a ragewa, ba a ƙarawa.

Gargaɗi ɗaya dai dole ya fito ƙarara, da hoto: in ƙuraje sun feso, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a daina sha, a garzaya asibiti.

Kafin majinyaci ya tafi, kada mai ba da magani ya tambaye shi "Ka gane?", don kunya za ta sa ya ce e. Ya miƙa masa takardar ya ce: "Malam, nuna mini gidan da za ka soke gobe da asuba."