Yadda Bugu Miliyan 25 Ke Zama Biliyan Ɗaya

A cikin kwamfuta da wayar hannu akwai ɗan ƙaramin kiristal wanda ke bugawa a kan ƙa'ida idan aka ba shi wuta. Bugunsa ba ya cika kaucewa, amma ba shi da sauri. Wanda ake yawan sakawa yakan buga sau miliyan 25 a sakan ɗaya, wato megahaz 25, alhali ƙwaƙwalwar na'urar tana bukatar biliyan ɗaya ko fiye. Da'irar da ke cike wannan giɓi ita ce PLL, dabarar da injiniyan Faransa Henri de Bellescize ya yi bayaninta tun 1932.

Ko da yake ana cewa tana ninka bugu, a gaskiya bugun kiristal ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Akwai wani mai bugun daban, osileta mai sauri da ake kira VCO, wanda saurinsa ke bin ƙarfin lantarkin da aka ba shi: a ƙara, ya ƙara gudu, a rage, ya sassauta. Shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, domin zafi ko ɗan canjin wuta na karkatar da shi. Sai aka sa kiristal ya zama ma'auninsa. Kamar mai kalangu ne da aka ce ya yi bugu arba'in tsakanin kowane bugun babbar ganga, na arba'in ɗin kuma ya faɗo tare da ganga.

A ce muna son megahaz 1,000. Sai a sa mai ƙirga a bakin VCO, ya riƙa fitar da bugu ɗaya tak bayan kowane 40. Wannan ragaggen bugun shi ake kaiwa wajen magwaji, wanda ba ya duba komai sai abu guda: tsakanin bugun kiristal da na mai ƙirga, wanne ya riga isowa, kuma da tazarar nawa?

To, an kunna na'ura, VCO ya tashi a megahaz 960. Raba shi gida 40, ka sami 24. Kiristal na bugawa bayan kowane nanosakan 40, shi kuwa sai bayan 41.7, don haka a kowane zagaye yana ƙara makara da kusan nanosakan 1.7. Duk lokacin da ya makara, magwaji zai tura 'yar wuta cikin kapasita gwargwadon tsawon makarar. Lantarkin kapasitar ya ɗan hau, VCO ya ƙara gudu. Idan VCO ɗin misalinmu yana ƙara megahaz 200 a kowane bolt ɗaya, ƙarin bolt 0.2 ya ishe shi kaiwa 1,000. In ya zarce, magwaji ya janye wuta. Da bugun biyu sun riƙa faɗowa tare, an ce da'irar ta kulle. A mayar da 40 ya zama 48, sai a sami megahaz 1,200 daga wannan kiristal ɗin.

A ganina, inda ake gane gwanin injiniya shi ne mataci, wato kapasitar nan da resistar da ake haɗa mata. Saƙon magwaji guntu-guntu yake zuwa, kuma da za a kai wa VCO shi a haka, da gudunsa ya riƙa fizga. Mataci ne ke daidaita shi ya zama lantarki mai santsi. Idan ya cika nawa, kullewa za ta ɗauki lokaci, kuma ba zai kamo 'yan kauce-kaucen VCO da wuri ba. Idan ya cika gaggawa, guntayen saƙon za su tsallake, a ga bugun da ba a so a gefen na ainihi, a megahaz 975 da 1,025. Shi ya sa aka saba riƙe saurin gyaran ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na bugun da ake gwadawa, a nan ƙasa da megahaz 2.5. Resistar kuwa ita ke hana lilo. Ba don ita ba, VCO zai yi ta zarcewa yana dawowa, bai zauna ba.

Akwai kuma abin da PLL ba ta iya gyarawa. Kuskuren kiristal na ninkuwa tare da bugun: in ya kauce da bugu 500 a sakan, a bakin VCO zai zama 20,000. Sannan kowane VCO yana da iyakar gudu. Idan aka zaɓi lambar da ta fi ƙarfinsa, magwaji zai yi ta tura wuta har lantarkin mataci ya maƙale a ƙoli, kullewa ba ta samu ba. Mai gyara da ya auna wannan layin ya tarar da shi a can sama ko a sifili, sai ya fara duba kiristal da lambar mai ƙirga kafin ya zargi VCO.